Hoton Taswira A Cikin Waya: Yadda Baƙo Zai Tsara Tafiyarsa A Birnin Ikko

A yau kusan kowane falke da ya sauko Ikko daga Arewa yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa. Idan ya iso tasha ya ga allo manne a bango, ko taswirar hanyoyin mota ko jadawalin tashin jirgi, sai ya ɗaga wayar ya ɗauka ya yi gaba. Wani kuma tun yana gida ɗan'uwansa zai aiko masa da hoton, ya ce ga hanya nan, ka bi. Dabara ce mai kyau, domin hoto ba ya bukatar sabis, ba ya kuma cin kuɗin data in an buɗe shi. Amma sau da yawa mai hoton yakan ɓata duk da haka, kuma dalilin kusan ɗaya ne kullum. Ya ɗauki tsakiyar takardar inda zane yake, ya yanke gefenta, alhali kuwa a gefen ne ake rubuta abubuwan da ke ba zanen ma'ana, watau ranar da aka buga takardar, da ma'aunin nisa, da kibiyar da ke nuna arewa, da ƙananan sharuɗɗan da ke ƙarƙashin jadawali.

Domin a ga yadda abin yake a aikace, bari a ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ya kawo albasa kasuwar Mile 12, ya sayar, ya kwana. Washegari yana da buƙatu biyu. Zai biya wani shago kusa da Babban Masallacin Ikko da ke titin Nnamdi Azikiwe a kan tsibiri ya karɓi saƙo, sa'an nan ya isa babbar kasuwar Alaba ta kayan lantarki da ke Ojo da ƙarfe ɗaya na rana, domin ya yi alkawari da mai sayar masa da janareto. Bai san gari ba. Abin da ke hannunsa hotuna uku ne: zanen layin manyan motocin BRT, da shafi ɗaya na taswirar titunan tsibirin, da jadawalin jirgin ƙasa na cikin gari.

Ɗaukar hoton

Aikin yana farawa tun daga lokacin ɗauka. Idan takarda ce a hannu, a shimfiɗa ta a kan tebur ko tabarma, a danne kusurwoyinta, a riƙe wayar daidai samanta kamar mai kife faifai a kan ƙwarya. In aka ɗauka a karkace, ɓangaren da ke kusa da wayar zai fito da girma, na nesa ya tsuke, sai tituna biyu masu tsawo ɗaya su fito ɗaya ya fi ɗaya. Gane wannan ba wuya. Takarda mai kusurwa huɗu ce, saboda haka in gefenta na sama ya fito gajere fiye da na ƙasa a cikin hoton, to hoton ya karkace, ba za a yi awo da shi ba. Idan kuwa allon yana bayan gilashi, a kashe fitilar wayar, a ɗan matsa baya, a gusa har ƙyallin ya kauce daga kan rubutu.

Hoto ɗaya ba ya isa. A ɗauki na farko ya haɗa dukan takardar har gefe huɗu, sa'an nan a matsa kusa a ɗauki sassa, kowane sashe ya ɗan hau kan na kusa da shi don kada wani titi ya faɗa tsakani. Kafin a bar wurin a buɗe hoton a ƙara masa girma, a karanta lamba mafi ƙanƙanta. In ba a iya bambanta 3 da 8 ba, ko 1 da 7, a sake. Har wa yau hoton da aka turo ta WhatsApp yakan rage kyau, domin manhajar tana matse shi, kuma ƙananan lambobi su ne farkon abin da ke dushewa. Mai turawa ya tura shi a matsayin fayil, zai iso kamar yadda aka ɗauka.

A Ikko wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai Mile 12, akwai kuma Mile 2, kuma tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce: ta farko tana arewa maso gabas a kan hanyar Ikorodu, ta biyu tana yamma a kan hanyar Badagry. Lamba ɗaya ce tak ta raba sunayen. In ninkin takarda ko ƙyallin gilashi ya cinye ta, baƙo ya nufi wata nahiyar ke nan.

Zanen layi ba taswira ba ne

Hoton farko na ɗan kasuwar nan shi ne zanen layin BRT. An fara wannan sufuri a watan Maris na 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, tafiyar kilomita 22, aka miƙa shi zuwa Ikorodu a 2015. A kan zanen zai ga layi miƙaƙƙe da ɗigo-ɗigo a jere: Ketu, Ojota, Maryland, Anthony, Obanikoro, Palmgrove, Onipanu, Fadeyi, har zuwa Stadium da Costain, kana a haye tsibiri.

Irin wannan zane jikan wanda wani ma'aikaci mai suna Harry Beck ya tsara wa jiragen ƙarƙashin ƙasa na London ne, wanda aka fara rabawa a 1933. Hikimarsa ita ce ya watsar da nisa da lanƙwasar hanya, ya riƙe jerin tashoshi da wuraren canji kawai. To, abin da zanen ya sani ke nan, kada a tambaye shi abin da bai sani ba. A kansa tazarar Palmgrove da Onipanu tana iya fitowa daidai da tazarar Costain da tashar farko ta tsibiri, alhali ta farkon ɗan taƙi ne, ta biyun kuwa sai an haye doguwar gadar Eko. Wanda ya ƙirga ɗigo biyu ya ce ai kusa ne, bari in taka da ƙafa, zai sha mamaki.

Abin da ya kamata ya ciro daga zanen abu uku ne, ya rubuta su a takarda. Na farko sunan ƙarshen layin da zai nufa, domin shi ake kira, shi ake rubutawa a goshin mota, kuma shi ke nuna ɓangaren titin da zai tsaya. Na biyu sunan inda zai sauka. Na uku, wanda yawanci ake mantawa, sunan tashar da ke gaban tasa da wadda ke bayanta. Ta gaban ita ce mai cewa ya tashi ya matso ƙofa. Ta bayan kuwa, in ya ganta ya san ya zarce. Ya kuma tambayi ma'aikatan tasha ko motar da zai shiga tana tsayawa a kowace tasha, domin ba kowace mota ke bin dukan ɗigon da ke kan zane ba. Ya tanadi katin Cowry da kuɗi a ciki, da shi ake biyan motocin da jirgin duka.

Akwai wani abu kuma da zanen ba zai taɓa faɗa ba. Layukan hukumar da ta buga shi kaɗai yake nunawa. Ƙananan motocin danfo masu launin ɗorawa, waɗanda ke bi ta Oshodi su miƙe zuwa Mile 2, ba sa ciki. Da ɗan kasuwar ba shi da buƙata a tsibiri, bi ta CMS zagaye ne a gare shi. Saƙon da zai karɓa ne ya sa wannan hanya ta zama daidai.

Awo da zare

Hoto na biyu shi ne taswirar tituna, kuma a nan ne akasarin mutane ke tuntuɓe. Ma'aunin taswira iri biyu ne. Akwai na lamba, kamar 1:50,000 da ke kan tsofaffin taswirorin ma'aikatar safiyo ta tarayya, ma'anarsa santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Akwai kuma na sanda, watau ɗan layi mai gaɓa-gaɓa da aka zana a gindin takarda aka rubuta mita kaza a kansa. Da zarar an ɗauki hoto, na lambar ya mutu, domin santimitar takarda ba ita ce santimitar fuskar waya ba, kuma duk lokacin da aka buɗa yatsu biyu aka ƙara girma sai ta sake canjawa. Na sandar kuwa yana nan da ransa, saboda tare yake girma da ƙanƙancewa da titunan. Wanda ya yanke shi daga hoto ya jefar da mudun da zai yi awo da shi.

Yadda ake yi shi ne a tsayar da hoton a girma ɗaya, wanda sandar da hanyar duka suke bayyane, kada a sake taɓa shi. A sami zare a kwantar da shi a kan hanyar, yana bin kowace kwana, daga CMS ya shiga ciki ya ƙetare Broad Street, ya bi ta dandalin Tinubu, ya hau titin Nnamdi Azikiwe har masallaci. A kama ƙarshensa da farce, a miƙe shi, a gwada da sandar. A ce a wayar mutumin nan sandar mita 500 ta fito santimita 4, zaren kuma ya kai santimita 8. Sanda biyu ke nan, watau kilomita 1. Da ya ɗora tsinke a miƙe daga CMS zuwa masallaci, da abin da zai samu bai kai haka ba, domin tsuntsu ne kaɗai ke bin miƙaƙƙiyar hanya a cikin gari.

Daga nisa sai a fitar da lokaci. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya kafa ƙa'ida a 1892 wadda har yanzu matafiya ke amfani da ita: lafiyayyen mutum yana cin kimanin kilomita 5 a awa ɗaya, a ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta hawa. Tsibirin Ikko shimfiɗe yake, babu maganar hawa, saboda haka bisa ƙa'idar minti 12 ne. Amma Naismith bai yi lissafi da titin Nnamdi Azikiwe da hantsi ba, inda 'yan tebur suka cinye gefen hanya, 'yan dako da masu baro suna kutsawa, mai tafiya yana taku uku yana tsayawa. A irin wannan wuri a lissafa kilomita 3 a awa, ya zama minti 20. In da kaya a ka, a ƙara.

Sauran aiki shi ne daidaita hoton da ƙasa. A yawancin taswirori arewa tana sama, amma allunan da ake kafawa a tasha wani lokaci akan juya su, shi ya sa kibiyar take da muhimmanci. A CMS ma akwai alamar da ta fi kibiya, watau ruwa. Gaɓar Marina tana kudu maso yamma, tashar jiragen ruwa ta Apapa tana tsallake. Ya juya wayar har shuɗin da ke kan hoton ya fuskanci ruwan da yake gani da idonsa, sa'an nan ya ba ruwan baya ya shiga gari. Ya zaɓi alama a tsakiyar hanya, a nan dandalin Tinubu, ya ce wa kansa in na yi minti goma ban gan shi ba, na kauce. Dogayen hasumiyoyin masallacin za su ƙarasa masa sauran.

Ya kuma dubi shekarar da aka buga taswirar. Tituna a Ikko suna canja suna. Babban titin da motarsa za ta bi ta gaban filin wasa na Surulere, tsofaffin taswirori suna kiransa Western Avenue, yanzu kuwa Funsho Williams Avenue ne a allo, ko da yake direbobi da yawa ba su saki tsohon sunan ba. Kingsway Road ta Ikoyi ta koma Alfred Rewane Road. Taswira ba ta nuna shingen da aka gitta a tsakiyar manyan hanyoyi, kuma tsohuwa ba za ta nuna sababbin gadojin ƙafa ba. A kan hanyar Ikorodu ba a tsallaka titi sai ta gada, jami'ai suna kama masu ratsawa ta ƙasa, ban da haɗarin rai. Abin da ya fito taku hamsin a hoto yana iya zama tafiyar minti goma zuwa gada da dawowa.

Jadawali, daga ƙarshe zuwa farko

Hoto na uku shi ne jadawalin jirgin Shuɗin Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a ranar 4 ga Satumba, 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, da tashoshi biyar. Tashar Marina tana dab da CMS. A nan akwai tarko biyu ga mutumin nan. Ɗaya daga cikin tashoshin biyar sunanta Alaba, amma ta unguwar Suru Alaba ce, kafin a kai Mile 2. Kasuwar da yake nema tana can Ojo, gaba da nisa. In ya ga sunan ya yi murna ya sauka, ya sauka da wuri ƙwarai. Tarko na biyu shi ne taswirorin tsari suna zana layin har Okokomaiko, kilomita 27 gaba ɗaya, amma sashen da aka buɗe a 2023 a Mile 2 ya tsaya. Layin da aka zana da ɗigo-ɗigo ko da launi mai haske yawanci na nufin ana kan gini, kuma bayanin haka yana cikin ɗan akwatin da ke kusurwar takarda, wanda mai gaggawa ke yankewa.

A jadawalin kansa, kafin a dubi ko lamba ɗaya a karanta kan shafin. Wane ɓangare ne, mai barin Marina ko mai zuwa Marina? Na waɗanne ranaku ne? MON–FRI na nufin Litinin zuwa Juma'a, SAT Asabar, SUN Lahadi. DEP tashi ne, ARR isowa. Daga wace rana ya fara aiki? Jadawali yakan canja, hoto kuwa ba ya tsufa a ido, na bara da na jiya kamanninsu ɗaya. In babu kwanan wata a jikin takardar, a duba bayanan hoton a waya a ga ranar da aka ɗauka. Sai dai hoton da aka turo yakan nuna ranar da ya iso ne kawai, saboda haka a tambayi wanda ya turo yaushe ya ɗauka, kuma shi ya ɗauka ko shi ma turo masa aka yi. Lokaci kuma da lissafin awa 24 ake rubuta shi, duk abin da ya haura 12 a cire masa 12, watau 13:00 ƙarfe ɗaya na rana, 17:30 biyar da rabi na yamma. Wajen bin layi, a kwantar da katin Cowry ɗin a fuskar wayar ya zama majingina, don kada ido ya zame zuwa layin ƙasa.

Lokutan da ke biye misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, ba na allon tasha ba ne. Ba daga lokacin tashi ake farawa ba, daga lokacin alkawari ake farawa a dawo baya. Yana son ya kasance Ojo da 13:00. Daga Mile 2 mota zai shiga a hanyar Badagry, sa'an nan ya ratse zuwa kasuwa, kuma wannan sashe ba shi da jadawali, sai abin da cunkoso ya yarda. Ya ba shi awa guda da 'yan mintoci, watau ya kasance Mile 2 wajen 11:50. Jirgin yana cin kamar minti 20. A ce hoton ya nuna jirage suna barin Marina da 10:30, da 11:00, da 11:30. Na 11:30 shi ne na ƙarshe da zai fisshe shi. Ba shi zai nufa ba. Zai nufi na 11:00, ya bar na 11:30 a matsayin guzuri, domin wanda ya tsara tafiyarsa a kan jirgin ƙarshe bai bar wa kansa wurin kuskure ko ɗaya ba.

Daga nan sai a ci gaba da ja da baya. Neman ƙofa da hawa bene da taɓa kati, minti 15, ya zama 10:45 a bakin tasha. Dawowa daga masallaci minti 20, ya bar shagon da 10:25. Gaisuwa da ƙirga saƙo rabin awa, ya isa shagon da 9:55. Zuwa minti 20, ya sauka a CMS da 9:35. Sauran kilomita 22 na mota. Ko da yake BRT tana da hanyarta ta daban a mafi yawan tafiyar, da safe layin masu jira yakan yi tsawo, kuma wajen hawa gada takan haɗu da sauran motoci. In ya ware awa ɗaya da rabi har da jira, ya kamata ƙarfe takwas ta same shi a tashar Mile 12, ba a masauki yana neman takalmi ba.

Amfanin wannan lissafi ba a farkon tafiya kaɗai yake ba. Yanzu yana da ma'auni a kowane zango. In agogo ya nuna 10:00 yana kan gadar Eko, ya san ya ci minti 25 ko fiye daga cikin rabin awar da ya ajiye, saboda haka jirgin 11:00 ya kuɓuce, amma na 11:30 yana nan muddin bai zauna shan shayi a shagon ba. In kuwa 10:30 ta yi bai sauka ba, zaɓi biyu ya rage masa, ko ya bar saƙon sai dawowa ya wuce tasha kai tsaye, ko ya buga wa mai janareto waya tun da sauran lokaci.

Kafin ya kwanta a daren, ya kwafe dukan wannan a bayan rasit: sunayen tashoshi yadda aka rubuta su, da lokutan nan, da sunan titin shagon. Batirin waya yana ƙarewa, fuskarta ba ta karantuwa sosai a tsakar rana, kuma ciro waya mai tsada a tsakiyar cunkoson kasuwa ana jujjuya ta alama ce ta baƙo, wadda 'yan sane ba sa kuskuren ganewa. Takardar kuma tana da wani amfanin. Bahaushe yakan furta Obanikoro ko Onipanu yadda kwandasta Bayarabe ba zai gane ba a cikin hayaniya, amma in ya miƙa masa rubutun, magana ta ƙare. Da ya isa Marina kuma, kafin ya nufi masallaci, ya leƙa allon tashar ya gwada shi da hoton da ke wayarsa. In sun saɓa, allon ne mai gaskiya, sai ya ɗauki sabon hoto, har da gefensa, ya gyara lokutan da ke bayan rasit ɗin.